Rahoton da ake kai wa shugaban tawaga bayan manhaja ta tsaya ranar Juma'a

Mu ɗauka an ɗora sabuwar manhaja da yammacin Juma'a, shafin biyan kuɗi ya tsaya cak. Shugaban tawaga ba kame-kame yake so ba, yana son ya ji lokacin da abin ya faru, da waɗanda ya shafa, da yadda aka koma wa tsohuwar manhajar.

Sannan musabbabi: sabuwar manhajar tana neman wani gurbi a rumbun bayanai, alhali ba a gudanar da umarnin ƙirƙirar gurbin ba. A na'urar gwaji kuwa gurbin yana nan tun tuni, shi ya sa gwaji bai kama kuskuren ba.

Maganin shi ne na'ura ta riƙa gudanar da umarnin da kanta, kuma ɗorawa ta tsaya muddin bai yi nasara ba. Ɗora laifi kan Juma'a kaɗai ba ya gyara komai.