Fassara Rahoton Kuɗi Zuwa Sinanci Ba Tare da Lalata Lissafi Ba

A jadawalin Excel na rahoton kuɗi, wasu kalmomi na mai karatu ne kawai, wasu kuma lissafi ya dogara da su. Waɗannan na biyun su ne abin lura wajen fassara zuwa Sinanci.

Ga fomular da ke tara kuɗin shiga:

```
=SUMIF(A:A,"Revenue",B:B)
```

Tana neman Revenue a layin A, ta haɗa kuɗin da ke gabansa a layin B. Da zarar an mayar da kalmar 收入 a layin A, fomular ba za ta same ta ba, sai ta ba da 0 ba tare da wani gargaɗi ba.

Maganinsa shi ne fomular ta nuna gidan da kalmar take, misali A2, maimakon a rubuta kalmar a cikinta. Haka taken zanen ƙididdiga: in an ɗaure shi da gida, yana sauyawa tare da fassarar.

A yi aikin a kan kwafi, sannan a gwada jimillar fassarar da ta asali. Duk inda 0 ko #N/A ya bayyana, a binciki kalmar da aka sauya.