Iyakokin alwatika: yadda ake fitar da kaurin gefe da kaurin sharaɗi

Abokai biyu sun yi alkawarin haɗuwa a tashar mota tsakanin ƙarfe 4 da ƙarfe 5. Kowa da nasa lokacin, kuma babu mintin da ya fi wani yiwuwa. Mu ɗauki awa guda a matsayin 1, x lokacin isowar wanda ya riga, y na wanda ya zo daga baya. Tunda na farko ba ya zuwa bayan na biyu, dole 0 < x < y < 1. A takarda, wannan fili alwatika ne mai kusurwoyi (0,0), (0,1) da (1,1).

Girman filin alwatikan 1/2 ne, yiwuwa kuwa dole jimillarta ta zama 1. Saboda haka kaurin haɗin gwiwa shi ne f(x,y) = 2 a cikin alwatikan, sifili a wajensa.

Idan lokacin na farko kaɗai muke so, kaurin gefe ake nema. A tsayar da x wuri guda, a ja layi a tsaye, a duba inda ya shiga alwatikan da inda ya fita. Ya shiga a y = x, ya fita a y = 1:

f_X(x) = ∫ₓ¹ 2 dy = 2(1 − x)

Domin y kuma, layin a kwance ake ja, daga 0 zuwa y, sai a sami f_Y(y) = 2y.

A nan ɗalibai da yawa ke zamewa. Sukan tara daga 0 zuwa 1, kamar filin murabba'i ne, su sami 2. Gane kuskuren ba wuya: a sake tara amsar daga 0 zuwa 1. Idan ba 1 ta bayar ba, an ɓata iyakoki. Amsarsu 2 take bayarwa, 2(1 − x) kuwa 1 cif.

To, a ce an san lokacin na biyu. Kaurin sharaɗi shi ne a raba na haɗin gwiwa da na gefe:

f(x | y) = 2 / 2y = 1/y, inda 0 < x < y

Mene ne yiwuwar na farko ya iso cikin minti 15, wato x < 1/4? Ba tare da wani labari ba, tara 2(1 − x) daga 0 zuwa 1/4 na ba da 7/16. Amma idan aka ce na biyu ya iso daidai minti 20, y = 1/3 ke nan, kaurin ya zama 3, yiwuwar ta haura zuwa 3 × 1/4 = 3/4.

Wannan ya nuna x da y sun dogara da juna, duk da cewa babu ɗayansu a cikin lambar 2. Dogaron yana cikin siffar filin, domin y ne ke yanke wa x iyaka. Shi ya sa ake fara zana alwatikan kafin a rubuta alamar ∫.