Wasiƙar da ke ceto ɗalibi daga kari-oba

Duk lokacin da aka liƙa sakamako a allon sanarwa na jami'a, ba a rasa ɗalibin da zai ga F a kwas ɗin da ya tabbata ya ci. Wani lokaci laifin na lissafi ne, kuma gajeriyar wasiƙa zuwa ga jami'in jarrabawa na sashe tana iya gyara shi.

A yawancin jami'o'in Nijeriya, makin kwas kashi biyu ne: gwaje-gwajen cikin zango suna ɗaukar 30 ko 40, jarrabawar ƙarshe ta ɗauki sauran. A wajen haɗa su ne ake tuntuɓe. Ko a manta da shigar da makin gwaji, ko a tsallake amsar da ɗalibi ya rubuta a ƙarin takarda, ko a zuba makinsa a layin wani mai lamba kusa da tasa.

A ɗauki misalin ɗalibar da ta samu 24 cikin 30 a gwaji, da 39 cikin 70 a jarrabawa. Jimillarta 63, wato B. Idan makin gwajin ya faɗi a hanya, 39 za ta gani, kuma duk abin da bai kai 40 ba F ne. A kwas mai yunit 3, B na ba da maki 12, F kuwa sifili. Idan yunit 18 ta yi wa rajista a zangon, GPA ɗinta ya ragu da kusan 0.67, ga kuma maimaita kwas baɗi.

Takardar gwajin da malami ya mayar mata ita ce hujjarta. Mai 24 a hannu ba za ta faɗi ba sai in ta kasa samun 16 cikin 70.

Da Turanci ake rubuta wasiƙar, ta bi ta hannun shugaban sashe. Tana ɗauke da cikakken suna, lambar rajista, lambar kwas da sunansa, zango da shekarar karatu, da makin da aka liƙa. Sai roƙo guda: a sake duba jimilla. Ba a zargin malami a ciki, domin zargi kan mayar da batun ƙidaya ya zama ƙara. Ɗalibi ya haɗa kwafin takardar gwaji, ya riƙe ta asali, ya kuma karɓi kwafin wasiƙar da aka buga wa hatimi da kwanan wata.

Sake duba jimilla daban yake da sake makin. A na farko ƙidaya kawai ake yi, ba a sake auna amsa. Na biyu yakan buƙaci biyan kuɗi, a ba wani malami takardar, kuma maki na iya hawa ko sauka.

Gaggawa na da amfani. Sakamako yana bi ta kwamitin sashe, da na tsangaya, kafin majalisar jami'a ta amince da shi. Kafin amincewar, gyara yakan ƙare a cikin sashe. Bayanta kuwa, sai an sake kai shi gaban majalisar, abin da kan ci watanni.