Yakubu a Gidan Laban da Golmo a Ƙasar Zuru: Sanin Masu Sauraro na Fari

Akwai nassosin da ke yi mana wuya domin al'adarsu ta yi nisa da tamu. Akwai kuma waɗanda ke ruɗinmu domin al'adarsu ta yi kama da tamu ƙwarai. Kashi na biyun ya fi haɗari, gama idan abu ya yi mana kama da na gida, ba ma tsayawa mu yi tambaya. A ƙasar Zuru muna da misali a Farawa sura 29, inda Yakubu ya yi wa Laban aiki shekara bakwai domin ya auri Rahila.

Duk wanda ya tashi cikin Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, yakan tuna da golmo da zarar ya ji wannan labari. A golmo saurayi yakan yi noma a gonar iyayen yarinyar da zai aura, shi da tsararrakinsa, damina bayan damina, bisa ga al'ada har shekara bakwai. To, ga aiki domin aure a nan, ga shi a can, ga kuma bakwai da bakwai. Daga nan mai wa'azi yakan ce Littafi Mai Tsarki ya yi maganar golmo. Wani uba kuma, wanda ya mai da aikin gona ya zama kuɗi da buhunan dawa, yakan ce wa mai neman 'yarsa kada ya yi gunaguni, tun da Yakubu ma ya sha wuya. Amma kama da wane ba ta wane. Bari mu bi nassin da tambayoyi uku kafin mu kawo shi gida.

Mene ne wannan aiki a zamanin Yakubu?

A ƙasashen gabas na dā, ango ko mahaifinsa yakan ba iyayen amarya dukiya. Da Ibrananci ana kiranta mohar, kalmar kuwa ta fito sau uku: Farawa 34:12, Fitowa 22:17 da 1 Sama'ila 18:25. Da azurfa ko kaya aka saba biya. Mun ga haka a gidan Laban kansa. Sa'ad da baran Ibrahim ya je neman Rifkatu domin Ishaku, ya tafi da raƙuma goma, ya kuma ba da kayan zinariya da azurfa da tufafi (Farawa 24:10, 53). Ishaku bai yi wa kowa kiwo ko na yini ɗaya ba.

Yakubu kuwa ya isa gidan nan yana gudun ɗan'uwansa Isuwa. Shi da bakinsa ya ce sandarsa kaɗai ya haye Urdun da ita (32:10). Ba uba kusa da zai yi magana dominsa, ba azurfa a hannunsa. Ƙarfinsa kaɗai ya rage masa, shi ya sa ya biya da shi. Mu lura kuma cewa zancen ya taso ne da maganar lada: bayan wata ɗaya Laban ya tambaye shi abin da zai biya shi, Yakubu ne kuma ya yanka shekara bakwai (29:14-18). Ba wata al'ada da ta sa wa kowane saurayi wannan adadi.

Shekara bakwai ɗin ma sun wuce kima. A allunan yumɓu da aka tono a Nuzi, kusa da Kirkuk a Iraƙi ta yau, kuɗin aure yakan kai shekel talatin zuwa arba'in na azurfa. Masana sun kiyasta ladan makiyayi a kan kimanin shekel goma a shekara. Idan mun lissafa, Yakubu ya biya kimanin shekel saba'in, wato wajen ninki biyu. Ko tarar da Shari'a ta ɗora wa wanda ya ɓata budurwa, shekel hamsin ce (Maimaitawar Shari'a 22:29). Sai dai mu riƙe wannan lissafi da sauƙi. Allunan Nuzi na wani gari ne dabam, na wajen ƙarni na 15 kafin haihuwar Almasihu, don haka suna nuna mana yanayin kasuwa ne kawai. Hujjar da za mu tsaya a kai tana cikin nassin kansa.

Su wane ne suka fara jin labarin?

Isra'ilawa ne, jikokin Yakubu, mutanen da aka fitar daga bauta a Masar, waɗanda kuma suke da Shari'ar Musa. Da wannan kunne suka saurara, mu ma dole mu ari kunnen nan.

Shari'arsu ta ce bawa Ba'ibrane zai yi shekara shida, a ta bakwai a sake shi, kada kuma a sallame shi hannu wofi (Maimaitawar Shari'a 15:12-14). Da suka ji ɗan'uwa ya riƙe ɗan 'yar'uwarsa shekara ashirin, ya sauya masa lada sau goma, har yana shirin sallamarsa hannu wofi (Farawa 31:41-42), nan da nan sun gane irin mutumin. Wanda ya taɓa yin tubali wa Fir'auna ba ya bukatar a fassara masa halin Laban.

Shari'arsu ta kuma hana mutum ya auri 'yar'uwar matarsa ta zama kishiya tun matar tana da rai (Littafin Firistoci 18:18). Saboda haka ba Ba'isra'ilen da zai ji Farawa 29 ya ɗauka ana koya masa yadda ake aure. Ya san abin da ya faru a gidan kakansa abu ne da aka hana shi yi. Labarin yana gaya masa asalinsa: kabilu goma sha biyu sun fito daga gida mai cike da ruɗu da kishi, duk da haka Allah ya cika alkawarin da ya yi a Betel (28:13-15).

Yaya marubucin ya ɗauki abin?

Labaran Tsohon Alkawari ba su cika tsayawa su ce wannan daidai ne, wancan kuskure ne ba. Hukuncin yakan fito ta bakin mutanen cikin labarin da kuma ƙarshen al'amarin. Shi ya sa wanda ya tsaya a 29:20, inda shekarun suka zama wa Yakubu kamar 'yan kwanaki saboda ƙauna, bai gama karatu ba. Sai ya kai sura 31.

A can Rahila da Lai'atu, waɗanda suka daɗe suna kishi, suka haɗa baki a kan abu ɗaya. Suka ce mahaifinsu ya mai da su baƙi, ya sayar da su, ya kuma cinye kuɗinsu (31:14-16). Wannan ya nuna sun sa rai wani abu daga amfanin aikin Yakubu zai dawo gare su ya zama abin dogararsu, amma Laban ya riƙe duka. A ƙarshe Allah ya ga wahalar Yakubu, ya tsauta wa Laban (31:24, 42). Akwai kuma darasi ga Yakubu kansa. Shi da ya ruɗi mahaifinsa ya karɓi albarkar ɗan fari, sai ga shi an ruɗe shi da dare, aka ce masa a nan ba a aurar da ƙarama kafin 'yar fari (29:26). Abin da ya shuka a sura 27 ya girba.

Mu dawo Zuru

Yanzu za mu iya ajiye biyun gefe da gefe. Golmo tsari ne na jama'a duka, wanda kowa ya san ƙa'idarsa. Ana yinsa tare da tsararraki, ana kuma ɗaukarsa a matsayin gwajin jimiri da shaidar cewa saurayi zai iya ciyar da iyali. Aikin Yakubu yarjejeniya ce ta mutum ɗaya, baƙo, marar gata, da wanda ya fi shi ƙarfi. Abin da ya haɗa su shi ne gumi da lamba bakwai. Ma'anarsu dabam ce.

Saboda haka kuskure yana iya zuwa ta fuska biyu. Wanda ya ce nassin ya umarci golmo, ko ya halatta wa uba ya tsawwala kuɗin aure, ya sa ikilisiya ta bi gurbin Laban, mutumin da Allah ya tsauta wa. Wanda kuma ya hau mumbari ya ce golmo muguntar Laban ce, ya zagi iyayenmu da laifin da nassin bai ɗora musu ba, gama marubucin bai san golmo ba, bai kuma hukunta aiki domin aure ba. Ruɗu da cin gumin wani ya hukunta. Idan akwai abin da ikilisiya za ta auna a golmo, kamar tsafe-tsafen da ke iya raɓarsa ko aurar da yarinya ba da yardarta ba, sai a nemi nassosin da suka yi magana a kan waɗannan.

A ce wani dattijo a ikilisiyarmu ya ƙi sa ranar auren 'yarsa shekara uku, kowace kaka yana ƙara abin da za a kawo, yana kafa hujja da Yakubu. Fasto ba ya bukatar ya yi masa gardama a kan al'ada. Sai ya zauna da shi cikin ladabi, su karanta har sura 31, sa'an nan ya tambaye shi: «Baba, a cikin labarin nan, wane ne ya yi ta sauya magana? Me kuma 'ya'yansa mata suka ce game da shi?» Abin da ya ƙetaro daga nassin zuwa gare mu ke nan: a tsaya a kan maganar da aka yi, kada a ci gumin marar ƙarfi, kada 'ya ta zama haja, abin da aka karɓa kuma ya amfani sabon gidan. Wannan ya yi daidai da Littafin Firistoci 19:13, da kuma gargaɗin Manzo Bulus a 1 Tasalonikawa 4:6 cewa kada kowa ya cuci ɗan'uwansa.

Akwai alamu da za su nuna mana mun karkace. Idan dukan wa'azinmu ya rataya a kan abu ɗaya da ya yi kama da namu, kamar lamba bakwai, mu koma mu duba. Idan mun mai da abin da ya faru sau ɗaya ya zama doka, alhali Ishaku ya yi aure ta wata hanya, mu koma mu duba. Idan kuma Ba'isra'ilen da ya fara jin labarin zai yi mamakin darasin da muka ciro, to, daga kanmu darasin ya fito.

Domin tattaunawa a aji

1. Mutane da yawa suna cewa Yakubu ya jira shekara goma sha huɗu kafin ya auri Rahila. Ku karanta 29:27-30. Yaushe aka ba shi ita, me kuma wannan ya nuna game da dabarar Laban?
2. Ku bi tambayoyi ukun nan a kan Farawa 29:26. Nassin ya hana ƙanwa yin aure kafin yayarta a ikilisiyarmu?