Jera Buhuna a Sito: Faɗin Hanya, Tsayin Tari da Tazarar Sama

Jeren kaya a sito yana farawa ne da awon wurin da za a bari babu komai. Wanda ya biya kuɗin haya yakan ga duk wani fili tamkar asara, musamman lokacin kaka, sa'ad da manyan motoci ke sauke masara da gero a kasuwanni irin Dawanau ta Kano. Amma ta wannan filin 'yan dako ke wucewa, ta nan ake duba kaya, kuma ta nan ruwa zai isa ga wuta idan gobara ta tashi.

A ɗauki sito mai tsawon mita 20 da faɗin mita 12, wanda za a zuba wa buhunan hatsi masu kilo 50. Da farko ana barin mita ɗaya tsakanin tari da bango ta kowane gefe, domin bango yana jawo danshi, kuma mai kula da sito yana buƙatar zagayawa ya ga ɓarnar ɓera ko ƙwari. Sai babbar hanya ta tsakiya, daga ƙofa har ƙurya. Idan baro da kura ake turawa, mita 2 ta isa mutum biyu su gifta da kaya. Da haka mita 8 ta rage, wato tari biyu masu faɗin mita 4 kowanne. Idan kuwa ƙaramar motar ɗaga kaya ce za ta shiga, sai an ba ta mita 3.5 zuwa 4, saboda tana juyawa ne da lodi a gabanta kafin ta ajiye. Gogewar fenti a ginshiƙi da yagaggun buhuna a kusurwar tari suna nuna cewa hanya ta yi ƙunci.

Tsayin tari shi ne inda aka fi yin ganganci. Buhun algarara yana da kaushi, yana riƙe ɗan'uwansa, ana iya kai shi kusan mita 4. Buhun leda kuwa santsi gare shi, don haka ba a so ya wuce mita 3. Ba a ɗora buhu daidai kan buhu kamar faranti. Ana saɓa sahu ne, ɗaya a tsaye ɗaya a gicciye, yadda magini ke saɓa bulo, kuma tarin yana ɗan janyewa ciki yayin da yake hawa. A ƙasa ana shimfiɗa katako mai kaurin santimita 15 don kada buhu ya taɓa siminti. In buhu a kwance ya kai kaurin santimita 20, sahu 14 ne za su hau katakon kafin a cika mita 3. Tarin da ya fara ciki a tsakiya, ko ya karkata, ko hatsi ke zuba daga sahunsa na ƙasa, saukewa ake yi daga sama a sake jerawa. Zare buhu daga ƙasa ya sha danne mutane.

Sai abin da ke sama. Ƙwan fitila mai zafi yana iya kunna leda ko kwali idan ya daɗe kusa da su, kuma buhun da ake cillawa kan tari yana iya fasa shi. Aƙalla rabin mita ake bari tsakanin fitila da kaya. Ya fi kyau ma a rataye fitilun a saitin hanya, inda ake buƙatar hasken.

A manyan sito na zamani akwai bututun ruwa a rufi, masu kawunan feshi. Da yawa daga cikin kawunan suna da ɗan gilashi mai ruwa a ciki. Mai jan ruwa yana fashewa idan zafi ya kai digiri 68, sai ruwa ya daki wani ɗan faifai ya bazu kamar laima. Laimar nan tana buƙatar wuri kafin ta buɗe. Shi ya sa ƙa'idar Amurka ta NFPA 13, wadda injiniyoyi a ƙasashe da dama ke aiki da ita, ta ce a bar inci 18, kusan santimita 46, tsakanin faifan da saman kaya, kuma inci 36 ga manyan kawunan da ake kira ESFR. Idan kaya suka matse kan feshin, buhun da ke ƙarƙashinsa kaɗai zai jiƙe, wuta kuwa ta ci gaba da ci a gefe.

A siton misalin, a ce kawunan feshi suna mita 4.5 daga ƙasa, fitilu kuma suna mita 4. Feshi ya yarda tari ya kai kimanin mita 4, fitila ta tsayar da shi a mita 3.5, buhun leda kuma ya tsaya a mita 3. Mafi ƙanƙantar cikin ukun ake bi. A wannan tsayin ake ja jan layi a bango da ginshiƙai, a kuma zana iyakar hanya da rawayan fenti a ƙasa, domin ɗan dakon da ke sauke mota da dare ba zai tsaya neman abin awo ba.