Idan Ranar Haihuwar Aboki Ta Faɗo Ranar Sallah

Ranar Jumma'a 6 ga watan Yuni, 1975 ba ta dame mu ba a wannan bayani, amma ranar Jumma'a 6 ga watan Yuni, 2025 ta dame mu ƙwarai, domin a ranar ce aka yi Babbar Sallah a Nijeriya, kuma a ranar ce wani abokina, malamin makaranta ɗan asalin Shinkafi mai aiki a Kaura Namoda, ya cika shekara arba'in cif a duniya. Ya gaya mini cewa tun daga asuba har dare wayarsa ba ta huta ba, amma da ya zauna ya duba saƙonnin, sai ya tarar kusan dukansu abu guda suke faɗi, watau barka da Sallah. 'Yan kaɗan da suka tuna da haihuwar tasa kuwa, sai suka rataya ta a wutsiyar gaisuwar Sallah, kamar gyaran da mai awo ke ƙara wa mai saye. Bai yi fushi ba, amma ya ce mini a ranar ya gane bambancin wanda ya gaishe shi da wanda ya gai da jama'a har shi ya samu.

Wannan magana tasa ita ce tushen abin da za mu duba. Gaisuwar Sallah ta kowa ce, ana yi wa Sarki, ana yi wa almajiri, ana yi wa baƙon da aka gamu da shi a hanyar Idi. Gaisuwar ƙarin shekara kuwa ta mutum ɗaya ce tak. Duk wanda ya haɗa su a numfashi guda, babbar za ta haɗiye ƙaramar.

A Fara Da Lissafi

Kafin a yi gaisuwa, ya kamata mai karatu ya san irin dacewar da aka yi, domin iri biyu ce. Ta farko ita ce wadda iyayenmu suka sani tun fil azal. Yaron da aka haifa ranar Sallah akan yi masa laƙabi da Sallau, yarinya kuma Tasalla, kamar yadda ake kiran wadda aka haifa cikin watan azumi Azumi. Irin waɗannan, bisa lissafin watan sama, kowace shekara ranar haihuwarsu tare take zuwa da Sallah, ba sa rabuwa har abada.

Ta biyu ita ce ta ma'aikata da 'yan makaranta, waɗanda ke ƙirga shekarunsu da kalandar Bature, domin ita ce ke rubuce a takardar makaranta da fayil ɗin ofis. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta Miladiyya kuwa 365 ko 366. Saboda haka kowace shekara Sallah tana ja da baya da kwana goma zuwa goma sha biyu. A 2023 an yi Babbar Sallah ranar 28 ga Yuni, a 2024 ranar 16 ga Yuni, a 2025 kuma ranar 6 ga Yuni. Sai ta yi kusan shekara talatin da uku kafin ta kewayo wuri guda, kuma ko ta kewayo, da yake tsalle take yi na kwana goma sha ɗaya, galibi sai ta ƙetare ranar mutum ba ta taka ta ba.

Mu ɗauki abokin nan nawa. An haife shi ranar Alhamis 6 ga Yuni, 1985, ranar da kasuwar Shinkafi ke ci, a tsakiyar watan azumi na shekarar 1405 bayan Hijira. Ashe ke nan a lissafin wata ba shi da haɗi da Sallah ko kaɗan, kuma a ranar da ya cika arba'in a lissafin Bature, ya riga ya haura arba'in da ɗaya a lissafin Hijira. Babbar Sallah ta taɓa giftawa ta kusa da ranarsa yana yaro, a 1992 da 1993, amma ta tsallake. Ƙaramar Sallah ta 2019 ta faɗo 4 ga Yuni, ta kuskure shi da kwana biyu. Lissafi ya nuna Babbar Sallah ba za ta sake zuwa farkon Yuni ba sai wajen 2057 da 2058, kuma ga alama a nan ma tsallakewa za ta yi. Watau abin da ya same shi a 2025, mai yiwuwa ne sau ɗaya ke nan a rayuwarsa. Wanda ya gaya masa haka a cikin gaisuwarsa, ya ba shi abin da babu mai ba shi a taron Idi.

Abu guda da za a kiyaye shi ne, ranar Sallah ba a hannun kalanda take ba, sai an ga wata Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya ba da sanarwa daga Sakkwato. Babbar Sallah tana da sauƙi, domin ranar 10 ga Zulhajji ce, da zarar an tsai da wata mutum yana da fiye da mako guda na shiri. Ƙaramar Sallah kuwa sai a daren jajibere ake tabbatar da ita. Haka kuma a tabbatar ranar da aka riƙe ita ce ta gaskiya, domin da yawa daga cikin manyanmu ranar da ke takardar rantsuwarsu ta kotu kintace ce kurum aka yi don neman makaranta ko aiki.

A Raba Lokaci

Mataki na farko shi ne a yi gaisuwa biyu a lokaci biyu. Safiyar Sallah ba ta kowa ba ce sai Idi. Magidanci a Kaura ko Zurmi yana fama da wankan yara da ɗinkin da tela bai gama ba, daga nan sai filin Idi, daga nan sai jiran liman ya yanka kafin kowa ya sa wa ragonsa wuƙa, sannan fiɗa, da gaisuwar iyaye da surukai. Duk saƙon da ya shigo a wannan tsakani zai nutse cikin ɗaruruwan irinsa. To, a nan sai a yi barka da Sallah kaɗai, yadda aka saba, a yi shiru da ɗaya maganar.

Bayan la'asar, ko kuma bayan isha'i lokacin da ƙafa ta ɗauke, shi ne lokacin gaisuwa ta biyu. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, in ana gari ɗaya babu abin da ya kai a taka a je. Amma kowa ya san halin da hanyoyin Kaura zuwa Shinkafi da Kaura zuwa Zurmi suka shiga a shekarun nan saboda 'yan bindiga, ba hikima ba ce a yi tafiyar yamma don gaisuwa. Sai a buga waya a yi magana baki da baki, domin murya ta fi rubutu. Sa'an nan a tuna cewa layin waya ba abin dogaro ba ne ko yaushe. Mutanen Zamfara ba su manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a jihar baki ɗaya. Mai hangen nesa sai ya rubuta wasiƙa tun kafin hutu, ya ba wani ɗan'uwan abokin da zai je gida, ya ce kada a miƙa sai daren Sallah.

A Raba Kalmomi

Mataki na biyu shi ne kada gaisuwar ta ari bakin Sallah. Kalmomi irin su "Allah ya maimaita mana" sun riga sun gaji tun hantsi. Gaisuwar da za ta tsaya da ƙafarta tana bukatar abu uku: adadin shekarun, wani abu da ku biyu kaɗai kuka sani, da addu'a a kan abin da ke gaban shi mutumin. Ga misalin abin da ya dace a ce wa abokin nan nawa, da harshen mutanen yankin:

"Malam, ta Sallah mun yi ta da sahe, wagga taka ce kai ɗai. Yau ka cika arba'in. Na tuna sadda muka zauna ɗaki guda muna karatu, garin kwaki ɗai muka da shi. Allah shi ƙara ma lahiya, shi raya ma ɗiya, shi nuna muna ranar da za ka tare gidan da kaka gini."

Mai karatu zai lura ba a ambaci Sallah ba sai don a kawar da ita gefe. Zai kuma lura cewa wannan magana ba za a iya tura wa wani mutum dabam ba. Wannan shi ne ma'aunin. In saƙonka zai dace da mutum goma ba tare da an sauya kalma ba, to sanarwa ka yi, ba gaisuwa ba.

A nan akwai wurin taka-tsantsan. Malamai da dama ba su yarda da bikin ranar haihuwa ba, suna ganin koyi ne da baƙin al'adu, kuma akwai masu bin wannan ra'ayi da yawa a ƙasar Zamfara. Aboki irin wannan, kai masa kek da kyandir ranar Idi ɓata zumunci ne. Amma da wuya a sami wanda zai ƙi addu'a. Ga wanda ya cika arba'in ma, sai a tuna masa cewa Alƙur'ani mai girma ya ambaci wannan shekara a Suratul Ahƙaf, kuma a kanta ne aka aiko Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ta haka gaisuwa ta zama tunatarwa, babu mai ganin laifinta.

A Raba Kyauta

Mataki na uku shi ne kyauta. Naman layya haƙƙin maƙwabtaka ne da zumunci, goron Sallah kuma al'ada ce. Duk wanda ya aika da cinyar rago ya ce ta wadatar, bai ba da kome ba sai abin da da ma zai bayar. Hula da shadda da turare su ma a ranar kayan Sallah za a ɗauke su. A zaɓi abin da ba shi da ƙanshin Sallah, kamar littafi ga ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda, ko alƙalami mai kyau ga ma'aikaci, ko tsohon hoton makaranta da aka sake wankewa. A rubuta kwanan wata na lissafin biyu a jiki. Tsada ba ita ce abin nema ba, balle a watan da kuɗin rago ya kwashe albashi.

Wannan ƙa'ida ta shafi abokanmu Kirista da aka haifa ranar 25 ga Disamba, waɗanda halinsu ya yi kama da na Sallau da Tasalla, domin su kowace shekara Kirsimeti ke rufe ranarsu. Su ma a gaishe su sau biyu.

Yaya za a san an dace? A saurari amsa. In aboki ya ce "amin, mun gode, Allah ya maimaita mana," to har yanzu Sallah yake amsawa. In kuwa ya yi dariya ya ce "ashe ka tuna," to saƙo ya isa inda aka aike shi. Wanda kuma hidima ta sa ya manta, kada kunya ta hana shi. Washegari ma rana ce, kuma a lokacin fili ya zama nasa shi kaɗai. Allah ya bar zumunci.