Rataya Ƙofar Ɗaki: Aikin Yana Wurin Hinji

Kafin kafinta ya taɓa kurfi, sai ya tsayar da ƙofar cikin firam, ya cusa 'yan guntayen katako a ƙasanta har tazarar sama da ta gefe ta kai kamar milimita 3. Ta ƙasa takan fi haka, kusan milimita 10, don kada ta goge daɓe. Tana tsaye a haka zai ja layin fensir a kan ƙofar da firam lokaci guda: hinjin sama santimita 15 daga sama, na ƙasa kusan 23 daga ƙasa.

Zurfin gurbin ya zama daidai kaurin hinjin. Nan masu gaggawa ke ɓata aiki. In gurbi ya yi zurfi, ƙofa za ta riƙa turjewa kafin ta rufe, tana neman komawa baya. Maganinsa a kwance hinjin, a shimfiɗa siririn kwali a gurbin, a mayar. In kuwa kusurwar sama ta ɓangaren makulli ce ke gogar firam, fara duba sukurorin hinjin sama, galibi su ne suka saki. Kada ka yi saurin fere ƙofa a damina; katako yana kumbura, da rani zai koma.